Yadda ake rubuta sitatus na sayar da laftof ta hannu cikin gaggawa ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba

Tun satin da na taya ɗan yayata sayar da laftof ɗinsa a nan Jidda mutane ke ta turo min tambaya iri ɗaya, wai me muka rubuta ne haka har aka saye cikin kwana biyu, alhali su nasu kayan sun yi sati suna hawa sitatus suna sauka ba wanda ya ko taya. To ba wani sirri a ciki, amma akwai tsari, kuma rubutun shi ne kusan abu na ƙarshe da za ka yi.

Yaron nan an buga masa huruji niha'i, jirginsa ranar Asabar, yana son kuɗi a hannu kafin ya tafi. Abin da ya fara sakawa shi ne hoton laftof daga intanet, a ƙasa ya rubuta wai sabuwa fil, ba matsala ko ɗaya, mai so ya yi magana ta ciki, sannan ya jera alamar wuta guda bakwai. Mutum sama da ɗari sun gani, uku sun tambayi kuɗi, ba wanda ya dawo. Da shi zan yi misali har ƙarshe.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga nan: sitatus ba Haraj ba ne, shafin nan na intanet da ake saye da sayarwa a Saudiyya. A WhatsApp ba mai ganin sitatus ɗinka sai wanda ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka, wato ɗan ɗakinku ne, abokin aikinka ne, surukinka ne, mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci ne. Wanda ya saya zai sake ganinka, ko ya ga ɗan'uwanka.

1. Ka san abin da kake sayarwa

Da yawa ba su san sunan laftof ɗinsu ba, sai ka ji an ce "HP ce Core i5". Wannan kamar ka ce "Toyota ce mai taya huɗu". Core i5 ta 2013 da ta 2021 duk sunansu ɗaya amma kuɗinsu ba ya ko kusa. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta wannan:

```
msinfo32
```

A shafin da zai buɗe ka kwafi abu uku a takarda: System Model, da Processor, da Installed Physical Memory (RAM). Girman ma'ajiya kuma, da ko SSD ce ko HDD, za ka gani a Task Manager ƙarƙashin Performance. Ta yaron nan HP EliteBook 840 G5 ce, i5-8250U, RAM 8GB, SSD 256GB. Lambar 8 ɗin nan da ta fara bayan i5 ita ke nuna jenareshan na takwas ne.

Wannan lambar tana da amfani yanzu fiye da da, saboda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma a ƙa'ida Windows 11 daga jenareshan na takwas take farawa a yawancin na'urorin Intel. In taka ta kai, ka rubuta, abin talla ne na gaskiya. In ba ta kai ba amma mai gyara ya cusa mata Windows 11 ta bayan gida, kar ka yi shiru, ka faɗa.

Gargaɗi: in kamfani ko kafili ne ya ba ka laftof ɗin don aiki, ba taka ba ce ko da shekara biyar ta yi a ɗakinka. Ka tabbatar an bar maka ita a fili kafin ka saka ta a kasuwa, balle kai da ke shirin fita daga ƙasa.

2. Batir, inda duk rigimar take

Nan zan daɗe, don kusan duk cinikin laftof ta hannu da na ga ya koma faɗa, a kan batir ne. Mai sayarwa ya ce "tana riƙe caji sosai", mai saye ya je gida ta mutu cikin minti arba'in. Kuma sau da yawa mai sayarwar ba ƙarya ya yi niyya ba, kullum a jone yake amfani da ita, shi kansa bai sani ba.

Ka buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
powercfg /batteryreport
```

Zai nuna maka inda ya ajiye fayil mai suna battery-report.html, ka buɗe shi ka nemi layi biyu. DESIGN CAPACITY shi ne ƙarfin batir ranar da aka ƙera shi, FULL CHARGE CAPACITY kuma abin da yake iya ɗauka yau. Ka raba na biyu da na farko. Tamu ta nuna wajen 50,000 mWh a sama, 31,000 a ƙasa, kashi 62 cikin ɗari ke nan.

Amma mai saye ba mWh ya sani ba, awa ya sani. Don haka ka cika ta ɗari bisa ɗari, ka zare caja, ka bar hasken sikirin a tsakiya, ka kunna bidiyo, ka duba agogo. Tamu ta yi awa biyu da minti goma ta mutu. Yaron ya so mu rubuta "awa uku zuwa huɗu", ya ce ai Kawu in rubutu kawai ake yi tana kaiwa. Na ce masa a'a, abin da muka gani da ido shi za mu rubuta, awa biyu. In mai saye ya samu awa uku ya gode maka, in ka ce huɗu ya samu biyu kai ne maƙaryaci a unguwa.

Gargaɗi: ka ɗora ta a kan tebur ka duba. In tana rawa, ko wurin taɓawa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura. Da zafin garin nan abin ba baƙo ba ne, musamman masu barinta a mota da rana. Irin wannan kar ka ci gaba da yi mata caji, ko ka canja batir ko ka sayar da ita a matsayin mai buƙatar gyara, kuma ka rubuta hakan ɓaro-ɓaro.

3. Sauran aibi

Wannan minti goma ne. Ka buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli, ka soka filas a kowace kafa ta USB, ka gwada kyamara da sifika da wayfay, ka buɗe farin shafi ka duba ko akwai tabo ko layi a sikirin, ka buɗe murfin ka rufe ka ji ko yana ƙara ko ya saki. Mun samu kafar USB ɗaya ta dama ba ta aiki, da ɗan tsagewa a kusurwar murfi. Cajar kuma ba ta asali ba ce, ta kasuwa ce. Duk ka rubuta a takardar nan.

Ka lura da kibod ma, ko da haruffan Larabci ko babu. A nan akwai wanda don wannan kaɗai zai saya ko ya fasa.

4. Ka kwashe kayanka kafin ka saka talla

Kuskuren da ake yi shi ne a bari sai mai saye ya zo yana tsaye a ƙofa sannan a fara kwashe hotuna. Gogewar nan tana iya cin awa ɗaya ko fiye, ga shi kai sauri kake. Ka fara kwafe fayilolinka zuwa filas, ka buɗe su a wata na'ura ka tabbatar sun shiga. Ka shiga WhatsApp na wayarka wajen Linked devices ka cire laftof ɗin. Ka fita daga imel da burawuza, don nan ne fasuwod ɗin Absher da na banki ke zaune, ga hoton iƙama da fasfo da kusan kowa ke da shi a Downloads.

Sannan a Windows 11 ka bi Settings > System > Recovery > Reset PC, ka zaɓi Remove everything, a Change settings kuma ka kunna Clean data. Ka bar ta a jone da wuta har ta gama. In ka taɓa sa fasuwod a BIOS ka cire shi, gogewar ba ta taɓa wannan.

Gargaɗi: jefa fayil a Recycle Bin ba gogewa ba ne, mai ɗan sani zai iya dawo da shi.

5. Kuɗi: lamba biyu, ɗaya a sitatus ɗaya a zuciyarka

Ka shiga Haraj ka rubuta ainihin samfurin, ka duba talla uku ko huɗu na kwanan nan. Mu mun ga daga riyal 800 zuwa 950. Amma wannan kuɗin da masu kaya ke nema ne, ba wanda aka biya su ba, kuma su ba jirgi ke jiransu ba. Sai ka ɗauki laftof ɗin ka je titin Khalid bin Walid inda shagunan kwamfuta suke, ka tambayi shago biyu nawa za su saya yau, ka kuma tambayi kuɗin sabon batir. An taya tamu 500, batir aka ce 150 da sakawa. Ɗan Makka ko Madina ya yi haka a shagunan garinsu.

To ga lissafi. Ƙasan Haraj 800, amma tamu batirinta ya gaji ga kafa ɗaya a mace, kuma muna sauri. Muka sa 700 a rubuce, muka yi shawara tsakaninmu cewa ƙasa da 620 albarka. Tayin shagon nan na 500 shi ne ya ba mu natsuwa, don mun san ko ba wanda ya zo, ba za a tashi a tutar babu ba.

Ka rubuta kuɗin a sitatus. Maganar "a zo ta ciki a ji farashi" tana korar mutanen kirki, don mai kunya ba zai tambayi ɗan'uwansa kuɗi sannan ya ce ya yi masa tsada ba, gara ya wuce kawai. Waɗanda za su rage maka su ne 'yan "nawa ne" da ba su da niyyar saye.

6. Hotuna

Huɗu sun isa, kuma naka, ba na intanet ba. Ɗaya a buɗe tana kunne, ɗaya a rufe tare da caja, ɗaya na wurin da ya tsage daga kusa, ɗaya na sakamakon batir. Ka goge sikirin da kibod da ƙyalle mai laushi, ka ɗauka da rana kusa da taga. Hoton aibin nan mutane ke jin nauyin sakawa, ni kuma na ga shi ne ke sa a yarda da sauran ukun.

Gargaɗi: kar lambar siriyal ta fito a hoto, kuma ka duba bayan hoton, kar iyali ko takardu su shiga.

7. Rubutun kansa

Sitatus na rubutu yana ɗaukar haruffa 700, amma kar ka cika shi, mutum da babban yatsa yake wucewa. Layi shida zuwa bakwai, kuma jerin yana da dalili: me ake sayarwa, me ke cikinta, aibinta, kuɗi, ranar ƙarshe da dalili, inda za a gani. Ga abin da muka saka:

> Salam 'yan'uwa. Ina sayar da laftof ɗina, HP EliteBook 840 G5.
> i5 jenareshan na 8, RAM 8GB, SSD 256GB, Windows 11, kibod da Larabci.
> Aibinta: batir awa 2 yake yi, kafar USB ɗaya ba ta aiki, murfi ya ɗan tsage, caja ba ta asali ba ce. Sauran lafiya.
> Riyal 700, akwai ɗan ragi kaɗan. Kuɗi hannu.
> Zan koma gida ranar Asabar, ina so in sallama kafin daren Alhamis.
> Ina Kandara, a zo a gwada kafin a biya. A taya ni turawa, na gode.

Ku duba layi na biyar, nan gaggawar take, rana ce da dalili. Wanda ya karanta ya san yaushe ƙofa za ta rufe kuma ya san me ya sa, ba sai an yi masa ihu da manyan baƙaƙe ba. Sauri da ba a faɗi dalilinsa ba tsoro yake sa mutane, sai su ce ko dai ta lalace ne, ko ma ba tasa ba ce.

Dalilin ba sai ka tona cikinka ba. In kuɗin haya ne ya matso, ko sabunta iƙama, ko rashin lafiya a gida, "wata buƙata ce ta taso, ina so in sayar kafin Alhamis" ya wadatar kuma gaskiya ne. Abin da ba za ka yi ba shi ne ƙirƙiro dalili. Kar ka ce tafiya za ka yi alhali sati mai zuwa za a gan ka a Balad kana shan shayi. Kar ka ce "mutum uku na jira" in ba kowa. Kar ka ce "yau kaɗai" sannan gobe a sake ganin "yau kaɗai", daga rana ta biyu ba mai sake ɗaukar maganarka da nauyi.

Kalmomin da na cire daga rubutunsa na farko: "sabuwa fil", don shekarunta sun nuna a jikinta, "ba matsala ko ɗaya", don mun ƙirga huɗu, da rantsuwa, don wallahi uku a talla ɗaya sai ta sa a fara zargi. Kuma dai mun san hadisin mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, ba sai na ja ba.

Wani zai ce faɗin aibi a sitatus ai karya kuɗin kaya ne. Eh, yana rage masu tambaya. Amma wanda ya zo bayan ya karanta layi na uku ya riga ya yarda da batir ɗin, ba zai zauna a ɗakinka ya gano shi sannan ya yi amfani da shi ya zaftare ɗari biyu ba. Kai mai kwana uku a hannu, mai saye ɗaya kake nema, ba masu leƙe ashirin ba.

In a cikin lambobinka akwai Sudanawa, Yamalawa ko 'yan ƙasa, ka saka irinsa da Larabci a sitatus na biyu, da kuɗi ɗaya da aibi ɗaya. Kar a ga 700 a Hausa 800 a Larabci, akwai masu karanta duka biyun da yawa a cikinmu.

8. Wa zai gani, da wane lokaci

Kafin ka tura, ka shiga saitin sirri na sitatus. Zaɓi uku ne: My contacts, My contacts except…, da Only share with…. In ba ka son kafili ko wani mai binka bashi ya san kana haɗa kuɗi, na biyun za ka zaɓa ka cire shi. Ka yi wannan tun kafin turawa, don canjin ba ya shafar abin da ka riga ka saka.

Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. Mu bayan Isha muka saka ranar Litinin, lokacin da mutane sun dawo daga aiki suna riƙe da waya, garin nan kuma kun san ba a kwana da wuri. Rubutun ya fara, hotuna suka biyo baya. Washegari ka sake sakawa sau ɗaya, ka ƙara gaskiyar halin da ake ciki, misali "har yanzu tana nan, saura kwana biyu". Kar ka jera goma a rana, mutane za su toshe sitatus ɗinka ne kai ba ka sani ba.

9. In an fara magana

Nan zumunci ke shigowa, kuma shi ne wahalar sayar wa na gida. Na farko da ya yi wa yaron magana wani dattijo ne abokin mahaifinsa, ya ce a kawo masa zai biya ƙarshen wata. Amsar da na sa ya rubuta: "Baba, ka yi haƙuri, da ba tafiya zan yi ba wallahi da na kawo maka har gida, amma kuɗin nake buƙata kafin Alhamis." Ka ga amfanin "kuɗi hannu" da ranar da ke cikin sitatus, ba shi ya hana Baba ba, sharaɗin da kowa ya gani ne.

Mai cewa a ajiye masa, ka ce to, amma da kafin alƙalami da lokaci: riyal 100 yanzu, zuwa gobe bayan Magariba, kuma ku faɗi a rubuce ko za a mayar masa in ya fasa. Ba kafin alƙalami, ba ajiya. Mai cewa zai biya da naira daga gida, ku yanke canji a rubuce tukuna, kuma laftof ba ta motsi sai kuɗi sun shiga.

Gargaɗi: tunda ka ce a taya ka turawa, saƙon zai kai ga waɗanda ba ka sani ba. In baƙo ya ce zai aiko ɗan saƙo ya ɗauka, ya turo maka mahaɗi wai ka sa lambar katinka don ka karɓi kuɗi, ɓarawo ne, ba a karɓar kuɗi da lambar kati. Lambar sirri da banki ke turowa ta saƙo kuma ba a ba kowa.

10. Ranar mika kaya

Wanda ka sani ya zo gida, baƙo ku haɗu a wurin jama'a mai soket. Ka cika ta da caji, ka bar shi ya gwada minti goma sha biyar ko fiye, ka nuna masa kafar da ta mutu da hannunka. In taransifa ce ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin a ciki, sikirinshot ɗinsa ba shaida ba ne. In tsaba ce ka ƙirga a gabansa. In kana da faturar saye ka haɗa masa.

Wanda ya sayi tamu direba ne, ɗansa ke karatu yana buƙata. Ya zo daren Laraba, ya taya 600, yaron ya ce albarka, suka tsaya a 650. Kafin ya fita na sa yaron ya tura masa saƙo ɗaya: an sayar da laftof samfuri kaza a kan riyal 650, da aibin da aka lissafa, an karɓi kuɗi duka. Shi ma ya amsa da "na karɓa, na gani". Da Alhamis ta wuce ba a saya ba, da Juma'a bayan La'asar shagon 500 za mu nufa, shi ya sa ba mu sa ranar ƙarshe ta zama ranar tafiya ba.

Da kun rabu ka goge tallar da hotunan, ka saka layi ɗaya: "Alhamdulillah an sayar, na gode wa duk wanda ya tura." Waɗanda suka tura wa wasu ma ka gaya musu su sauke, in ba haka ba har ka sauka a Kano ana tambayarka nawa ne.